Jagora Kan Duba Lissafin Awon Magani da Gano Kuskuren Juya Ma'auni

Duk malamin da ya taɓa tara takardun ɗaliban makarantar koyon aikin jinya bayan ya ba su lissafin awon magani, ya zauna yana bin su ɗaya bayan ɗaya da jan alƙalami, ya san cewa galibin amsoshin da ke fitowa a karkace, ninkawarsu da rabawarsu daidai suke, domin kalkuleta ba ta gafala. Inda ɓarnar take aukuwa shi ne wurin da ɗalibi ya tashi daga wani ma'auni zuwa wani, daga giram zuwa miligiram, ko daga awa zuwa minti, ko kuma wurin da ya kamata ya tashi amma ya wuce bai lura ba. Wannan jagora an yi ta ne domin mai dubawa, ko malami ne, ko ɗalibi mai duba takardar abokin karatunsa, ko mai bitar aikin kansa kafin ya miƙa. Maƙasudinta ta nuna cewa kuskuren juya ma'auni yana barin alama a jikin amsa, kuma wanda ya san alamar yana iya gane layin da aka yi tuntuɓe tun kafin ya karanta aikin. Adadan da za a kawo a misalai na koyon lissafi ne. A ɗakin majiyyata kuwa, rubutun likita da abin da ke jikin kwalba su ne hujja.

Fasali na farko: matakalar ma'aunai

Ma'aunan nauyi da ake aiki da su a lissafin magani huɗu ne, kuma tsakanin kowane da mai bi masa akwai dubu cif: kilo ɗaya giram 1000 ne, giram ɗaya miligiram 1000 ne, miligiram ɗaya maikurogiram 1000 ne. Haka ma a awon ruwa, lita ɗaya mililita 1000 ce. Ga yadda ake ganinsu a jikin kwalba da takardar likita:

```
1 kg = 1000 g
1 g  = 1000 mg
1 mg = 1000 mcg
1 L  = 1000 mL
```

Idan ana sauka daga babban ma'auni zuwa ƙarami, ana ninkawa sau dubu, wato ɗigo ya matsa gurbi uku zuwa dama, adadi ya girma. Idan ana hawa daga ƙarami zuwa babba, ana rabawa gida dubu, ɗigo ya koma gurbi uku zuwa hagu. Babu ɗalibin da bai haddace wannan ba, amma duk da haka hannunsa kan zame zuwa ɗari, saboda tun yana ƙarami ya saba da cewa naira ɗaya kobo ɗari ce, mita ɗaya kuma santimita ɗari ce, har ɗarin ta zauna masa a rai ta zama ita ce ke fara zuwa duk lokacin da hankali ya rabu. Wanda ya ninka da ɗari a inda ake neman dubu, amsarsa za ta kauce da ninki goma, kuma wannan ita ce kaucewar da ta fi kowace hatsari, domin amsar da ta kauce da ninki dubu takan tona asirin kanta, alhali wadda ta kauce da ninki goma takan yi kama da abin da sirinji zai iya ɗauka.

Fasali na biyu: tsarin dubawa

Sharaɗi na farko ga mai dubawa shi ne ya rufe aikin ɗalibin da tafin hannu ko da wata takarda, ya karanta tambayar ita kaɗai. Dalili kuwa, wanda ya fara da karanta aikin wani, sawunsa yake bi, kuma idan layin ya zo a tsare da rubutu mai kyau, ido yakan wuce ta kan kuskure ya gaskata shi ba tare da tahƙiƙi ba. Saboda wannan illa ne a asibitocin da ake sa ma'aikata biyu su duba magani mai hatsari ake so na biyun ya yi nasa lissafin shi kaɗai, sa'an nan a gwada amsoshin biyu.

Daga cikin tambayar sai ya fitar da abubuwa uku ya rubuta su a gefe, kowane da ma'auninsa manne da shi: miƙdarin da likita ya rubuta, miƙdarin da ke cikin kwalba ko ƙwaya, da yawan ruwan da wannan miƙdarin ke ciki. Sa'an nan ya dubi na farko da na biyu ya tambayi kansa ko ma'auninsu ɗaya ne. Idan sun saɓa, wajibi ne a daidaita su kafin a taɓa kalkuleta, kuma abin da ya fi aminci shi ne a mayar da babban zuwa ƙaramin, domin ta haka ake samun cikakken adadi a rabu da ɗigo da jerin sifirai.

Bayan haka sai ƙiyasi da ka. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma kimar da ake nema a nan mai sauƙi ce: abin da likita ya rubuta ya fi abin da ke cikin kwalba ɗaya, ko bai kai ba? Idan bai kai ba, rabi ne, ko rubu'i, ko ƙasa da haka? Wanda ya amsa wannan ya riga ya san iyakar da amsa za ta faɗa a ciki. Sai a yi lissafin da ƙa'idar da aka sani:

```
(abin da aka rubuta ÷ abin da ke kwalba) × yawan ruwa
```

A ƙarshe sai a koma da baya, a ɗauki amsar a tambaya: wannan ruwan da na ce a zuƙa, magani nawa ne a cikinsa? Idan abin da ya fito ya dace da rubutun likita, amsa ta tabbata. Sai bayan an gama waɗannan duka ake ɗaga hannu daga kan takardar ɗalibi.

Fasali na uku: mas'ala ɗaya da amsoshi biyar

A ɗauka tambayar ta ce likita ya rubuta wa majiyyaci allurar digokzin, maganin zuciya, miligiram 0.125, kwalbar allurar da ke cikin kabad kuma an rubuta mata maikurogiram 500 a cikin mililita 2. Mililita nawa za a zuƙa? An zaɓi wannan magani ne domin tazarar da ke tsakanin miƙdarinsa mai amfani da mai cutarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, idan ya yi yawa yakan jawo amai da rikicewar bugun zuciya har ya kai ga halaka, kuma domin likitoci kan rubuta shi da miligiram alhali kwalba na ɗauke da maikurogiram.

Mai dubawa ya ga ma'aunan sun saɓa, sai ya mayar da miligiram 0.125 zuwa maikurogiram ta hanyar matsar da ɗigo gurbi uku, ya sami 125. Ƙiyasi kuma a fili yake: 125 rubu'in 500 ne, rubu'in mililita 2 kuwa rabin mililita ne. Lissafi ya zo ya tabbatar:

```
0.125 mg = 125 mcg
125 ÷ 500 × 2 mL = 0.5 mL
```

Komawa da baya ma ta dace, domin idan akwai maikurogiram 500 a mililita 2, to akwai 250 a mililita ɗaya, akwai 125 a rabinta. Yanzu sai a buɗe takardu.

Takarda ta farko ta ce mililita 0.0005. Lambar biyar tana nan yadda ya kamata, ɗigo ne ya yi ƙaura gurbi uku, kuma idan aka raba amsar gaskiya da wannan za a sami dubu cif. Ko ba a duba aikin ba, an san mai takardar ya zuba 0.125 a kan 500 yadda ya gan su, bai juya kome ba. Irin wannan ɗalibi idan aka tambaye shi yakan ce, "Malam, haka kalkuleta ta ba ni," kuma maganinsa shi ne a miƙa masa sirinji mai cin mililita ɗaya, wanda zanensa mafi ƙanƙanta 0.01 ne, a ce ya nuna inda amsarsa take a jiki. Zai juya sirinjin ya sake juyawa ya rasa, kuma daga ranar zai riƙa tambayar kansa ko amsarsa abar zuƙa ce.

Takarda ta biyu ta ce mililita 0.05. Wannan ya san akwai juyawa, ya kuma yi, amma da ɗari ya ninka, ya sami maikurogiram 12.5. Amsarsa tana da gurbi a jikin ƙaramin sirinji, ana iya zuƙarta, majiyyaci kuma zai sami ushurin abin da aka rubuta masa, a wayi gari ana mamakin rashin aikin magani. Takarda ta uku ta ce mililita 5, wato an matsar da ɗigo gurbi huɗu aka sami 1250, kuskure iri ɗaya ta ɗaya gefen, sai dai sakamakonsa ninki goma ne na magani mai dafi. Abin da ya kamata ya tsayar da mai wannan takarda shi ne cewa amsarsa na bukatar a fasa kwalba biyu da rabi, alhali yawancin kwalaben allura an yi su ne yadda ɗaya ko wani sashe nata zai ishi babban mutum a karo guda. Duk amsar da ta nemi a fasa kwalabe da yawa, ko a haɗiyi ƙwaya biyar ko shida a lokaci ɗaya, ko a tsaga ƙwaya gida goma, abar tuhuma ce har sai an tabbatar da ita.

Takarda ta huɗu ta ce mililita 0.25, rabin gaskiya. Juyawarsa daidai ce, amma ya manta da mililita 2, ya ɗauka maikurogiram 500 ɗin a mililita ɗaya suke. Duk inda amsa ta kauce da ninki biyu ko biyar, a duba jikin kwalba, domin galibi za a tarar an rubuta miƙdarin a kan mililita 2, ko a kan mililita 5 kamar yadda ake yi a maganin ruwa na yara. Takarda ta biyar ta ce mililita 8: ya kifa ƙa'idar, ya ɗora 500 a kan 125. Alamar wannan ita ce lambobin amsar kansu sun sauya, ba ɗigo kaɗai ba, kuma ƙiyasin farko ya isa ya kama shi, tun da abin da bai kai kwalba ɗaya ba ba zai zama kwalba huɗu ba.

Daga waɗannan biyar ƙa'idar ta fito. Mai dubawa ya raba babbar amsa da ƙaramar, tsakanin tasa da ta ɗalibi, ya dubi abin da ya fito. Idan dubu ne, an tsallake juyawa. Idan goma ne ko ɗari, an juya da adadin da ba shi ba ko ɗigo ya zame. Idan miliyan ne, an juya ta bai-bai, an raba a inda ake ninkawa, domin dubun da aka rasa da dubun da aka ƙara rabawa sun haɗu. Idan kuwa ya yi daidai da yawan ruwan kwalba, an manta da shi ne.

Fasali na huɗu: nauyin jariri

A lissafin yara ana ƙara mataki ɗaya, domin ana rubuta magani gwargwadon kowane kilo na nauyin jiki, alhali sikelin ɗakin haihuwa da katin jariri sau da yawa da giram suke magana. A ce jariri ne mai nauyin giram 3200, an rubuta masa jentamaisin miligiram 5 a kan kowane kilo, kwalba kuma tana ɗauke da miligiram 80 a mililita 2. Nauyinsa kilo 3.2 ne, miƙdarinsa miligiram 16, abin zuƙa kuwa mililita 0.4.

```
3200 g = 3.2 kg
3.2 × 5 mg = 16 mg
16 ÷ 80 × 2 mL = 0.4 mL
```

Ɗalibin da ya raba da ɗari zai sami kilo 32, miligiram 160, mililita 4, wato kwalba biyu cur ga ɗan jinjiri, na maganin da yawansa ke lahanta ƙoda da ji. A nan mai dubawa ba ya bukatar jiran layin ƙarshe, domin kilo 32 nauyin yaro ne da ya kusa gama firamare; saboda haka ya dace a riƙa auna kowane layi na tsakiya da hankali, a tambaya ko akwai jariri mai wannan nauyi a duniya. Akwai kuma wani kuskure mai laushi da rabon nan na amsa da amsa ba ya fallasa shi da adadi zagayayye, shi ne idan tambaya ta ba da nauyi da ma'auni biyu, kamar kilo 3 da giram 50, sai ɗalibi ya rubuta 3.5 alhali 3.05 ne, domin gurbin giram uku ne bayan ɗigo, giram 50 kuma 0.050 ne. Hanyar kauce masa ita ce a mayar da duka zuwa giram tukuna, a sami 3050, sa'an nan a raba da dubu.

Wasu littattafan da aka wallafa a Amurka kan ba da nauyi da laba, kilo ɗaya kuwa laba 2.2 ne bisa ƙiyasin da ake aiki da shi. Yaro mai laba 22 kilo 10 ne. Wanda bai juya ba amsarsa za ta ninka sau 2.2, wanda ya ninka a maimakon rabawa zai sami 48.4, amsarsa ta ninka sau 4.84, kuma duk inda mai dubawa ya ga ɗaya daga waɗannan adadai biyu ya san laba ce ta yi aikin.

Fasali na biyar: kaso cikin ɗari

Wasu magungunan ruwa ba a rubuta musu miligiram a fili, sai a rubuta kaso cikin ɗari, kuma wannan ma juyawa ce, ko da yake a ɓoye take. Ma'anar kashi ɗaya cikin ɗari a nan ita ce giram ɗaya a cikin mililita 100, wato miligiram 10 a kowace mililita. Saboda haka idan aka ninka adadin kason sau goma, an sami miligiram ɗin da ke cikin mililita ɗaya. Misalin da kowace ungozoma ta sani shi ne maganiziyam salfet, wanda ake yi wa mace mai jijjigar ciki ko ta haihuwa. Kwalbarsa mai kashi 50 cikin ɗari tana da miligiram 500 a kowace mililita, wato rabin giram, saboda haka idan tambaya ta nemi giram 4, amsa mililita 8 ce.

Kuskuren da ke yawan fitowa shi ne ɗalibi ya yi juyawar farko daidai, ya mayar da giram 4 miligiram 4000, sa'an nan ya karanta `50%` a matsayin miligiram 50 a mililita, ya raba ya sami mililita 80. Rabon ya ba da goma, amma a wannan karon ɗigo bai zame ba, kason ne ba a fassara ba, kuma mai dubawa zai gane haka da zarar ya ga lambar 50 zaune a ƙarƙashin layin rabawa. Komawa da baya tana bayyana girman abin: mililita 80 giram 40 ke nan, kwalba takwas masu cin mililita 10, miƙdarin da zai iya tsayar da numfashi.

Fasali na shida: lokaci da ƙarin ruwa

Lokaci shi ne ma'aunin da ya fita daga tsarin dubu, domin awa minti 60 ce, kuma alamar kuskurensa daban take. A ce an rubuta lita ɗaya ta ruwan gishiri ta shiga cikin awa 8, da robar ƙarin ruwa wadda ɗigon ruwa 20 nata ke cika mililita ɗaya, kamar yadda ake rubutawa a jikin ledarta. Juyawa biyu ke cikin wannan tambaya, lita zuwa mililita da awa zuwa minti.

```
1 L = 1000 mL
8 × 60 = 480
1000 × 20 ÷ 480 = 41.7
```

Tun da ba a ƙirga rabin ɗigon ruwa, amsa 42 ce a minti. Wanda ya rubuta 2500 ya raba da 8, bai mayar da awa minti ba, kuma rabonsa da gaskiya sittin ne. Wanda ya rubuta 4 ya ɗauki lita a matsayin mililita 100. Amma amsar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce 125, domin adadin kansa gaskiya ne a wani wuri: mililita 125 ne ke shiga a kowace awa, kuma da na'urar tura ruwa ake aiki da ita, shi za a danna mata. Ɗalibin ya tsaya a tsakiyar hanya ya lanƙaya wa adadin ma'aunin da ba nasa ba. Abin da ke ƙara rikita shi shi ne cewa a robar yara, wadda ɗigon ruwa 60 nata ke cika mililita ɗaya, mililitar awa da ɗigon minti adadinsu ɗaya ne, sai ya ɗauka haka abin yake a kowace roba. Idan aka saki ɗigon ruwa 125 a minti ta roba mai 20, ledar za ta ƙare cikin awa biyu da minti arba'in, ninki uku na saurin da aka nema, abin da zai iya cika huhun mai raunin zuciya da ruwa. Haka nan a lura da awa mai ɗigo: awa 1.5 minti 90 ce, amma za a tarar da mai rubuta 150, da mai rubuta 110 domin ya karanta ta awa ɗaya da minti hamsin.

Fasali na bakwai: kuskuren da ke cikin rubutu

Wani lokaci lissafi yakan yi daidai, rubutun amsar ne ke ɗauke da tarko ga wanda zai karanta. Wanda ya rubuta `.5 mL` ba tare da sifiri a gaban ɗigo ba, idan ɗigon ya dushe za a karanta biyar. Wanda ya rubuta `5.0 mg` kuwa, idan ɗigon ya ɓace za a karanta hamsin. Ƙa'ida ita ce sifiri ya gabaci ɗigo a kullum, kada kuma ya biyo bayansa a banza. Alamar `µg` idan aka rubuta ta da hannu cikin gaggawa takan koma `mg`, ninki dubu ke nan daga harafi ɗaya, shi ya sa ake son a rubuta `mcg` ko a rubuta kalmar a cike. Mai dubawa a garuruwan kan iyaka yana da ƙarin abin lura: a Nijar, bisa tsarin Faransanci, waƙafi ne ke tsayawa a matsayin ɗigo, saboda haka `1,500` a Maraɗi ɗaya da rabi ne, a Katsina kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Idan ɗalibi ya yi karatunsa na farko a can, ko kwalin maganin daga can ya fito, a tabbatar da wane tsari ake karantawa. Amsar da ta zo tsirara babu ma'auni, kamar a rubuta 0.5 a yi shiru, ba ta cika ba, ko da adadin ya dace.

Fasali na takwas: iyakar wannan hanya da yadda ake gyara

Rabon amsa da amsa yana nuna hanya ne idan kuskure ɗaya aka yi. Idan biyu suka haɗu, adadin da zai fito ba shi da fuska, sai an bi aikin layi layi. Mafi wuyar ganewa kuma shi ne idan kuskure biyu suka kashe juna, amsa ta fito daidai. A mas'alar jaririn nan, akan sami takarda mai kilo 32 da miligiram 160, amma a ƙasa an rubuta 0.4, domin ɗalibin ya ga mililita 4 ta yi wa jariri yawa sai ya matsar da ɗigo da ka, ko kuma ya leƙa takardar maƙwabci. Wanda ya dubi layin ƙarshe kaɗai zai ba shi maki, ya sallame shi da cutarsa. Saboda haka dacewar amsa ba ta ɗauke wa mai dubawa nauyin karanta layukan juyawa, kuma ya kyautu a shar'anta wa ɗalibai tun farko cewa kowace juyawa ta zauna a layinta ita kaɗai, kowane adadi kuma ya zo da ma'auninsa daga farkon aiki zuwa ƙarshe, yadda za a ga miligiram na sama ya soke miligiram na ƙasa, mililita ta rage.

Haka kuma takardar amsoshin da malami ke riƙe da ita ɗan Adam ne ya rubuta ta. Idan mafi yawan ajin, har da waɗanda aka san ƙwazonsu, suka haɗu a kan amsa ɗaya da ta saɓa wa takardar da ninki goma ko dubu, a sake lissafa ta, a kuma duba ko wajen buga tambayar ne `mcg` ya koma `mg`. Ɗalibin da ya rubuta a gefe cewa miƙdarin da ke cikin tambaya ya wuce ƙa'ida, ya kamata a koma wa likita, ya yi abin da ake bukata daga ma'aikacin jinya, kuma ya cancanci makinsa.

Wajen gyara, kada a wadatu da jan layi a kan amsa a rubuta ta gaskiya a gefe, domin ɗalibi zai kwafe ta ya wuce. A zagaye layin da aka zame, a rubuta masa tambaya gajeriya, kamar "miligiram ɗaya maikurogiram nawa ne?" ko "jariri ne mai kilo 32?", a bar shi ya sake aikin da hannunsa tun daga wannan layin. Idan ya kawo, a ba shi wata mas'ala mai irin wannan juyawar amma da wani magani da wasu adadai, a kuma sa shi ya faɗi ƙiyasinsa da baki kafin ya taɓa kalkuleta. In ƙiyasin da amsar suka dace, ya kuma iya komawa da baya ya fitar da miƙdarin da likita ya rubuta, sai a wuce da shi zuwa babi na gaba.